Yadda za ka rubuta wa malamin aji wasiƙa idan likita ya ba ɗanka tabarau

Yaron da aka ba tabarau a asibiti yana bukatar abu biyu a makonninsa na farko a aji: wurin zama da zai ga allo ba tare da wahala ba, da malamin da ya san abin da ke faruwa. Yawancin iyaye a nan Gusau saƙon baki suke aikawa, "ka ce wa Malam, Baba ya ce a dawo da kai gaba." Yaron da ke jin kunyar tabarau ɗin ma ba zai isar da saƙon ba, idan kuma ya isar, a aji mai yara 70 ko 80 kowa gaba yake so, malam ba shi da yadda zai bambance mai lalura da mai wayo. Takarda mai shafi ɗaya, wadda ta faɗi abin da yaron ke gani da abin da ba ya gani, ta kuma nemi abubuwa kaɗan da malam zai iya yi, ita ce ke aiki. Ga yadda ake shirya ta.

Kafin ka bar asibiti

Wasiƙar tana farawa ne tun a ɗakin gwajin ido, domin abin da za ka rubuta daga can zai fito. Ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau aka duba yaron, ko a Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko a wani wuri mai zaman kansa, kada ka karɓi tabarau ka fita sai ka yi wa mai gwajin tambayoyi uku.

Ta farko: kullum zai riƙa sa shi ko sai lokacin karatu? Amsar ba ɗaya ba ce ga kowane yaro. Akwai wanda matsalarsa hangen nesa ce kawai kuma ba ta yi tsanani ba, ana iya ce masa ya sa a aji ya cire a wajen wasa. Akwai kuma ƙaramin yaron da ido ɗaya ya fi ɗaya rauni sosai, ko mai harara garke, wanda za a ce ya sa daga tashi barci har zuwa kwanciya. Wannan na biyun tabarau magani ne a gare shi, domin ƙwaƙwalwarsa na koyon amfani da idon mai rauni ne, kuma koyon ya fi sauƙi kafin shekara 7 ko 8. Idan malam ya ce masa ya cire don za a fita tara, an rage masa magani ba tare da an sani ba.

Ta biyu: da tabarau ɗin a fuska, har ina yake gani? Ana gwajin ne da allon haruffa daga nisan mita 6, a rubuta sakamako kamar 6/6 ko 6/18. Idan an rubuta 6/6, ganinsa ya cika. Idan 6/18 ne, abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 18 shi sai ya matso mita 6, wato sai ya fi sauran yara kusa da allo ninki 3. Ka roƙi a rubuta maka sakamakon kowane ido dabam, babu tabarau da kuma da shi.

Ta uku: an ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido? Ana yawan yi wa yara haka kafin a auna su. Wani maganin yana sa gani na kusa ya dushe kuma hasken rana ya dame shi na kamar kwana ɗaya, wani kuwa, irin atirofin, yana kai mako ɗaya ko fiye. Idan yaro zai koma makaranta a cikin wannan hali, rubutun littafinsa zai yi masa dishi-dishi, malam kuma zai ɗauka lalaci ne. Ka tambayi kwana nawa zai ɗauka, ka sa a wasiƙa.

Sannan ka ɗauki hoton takardar lambar gilashin da waya, ka kuma yi mata hotokwafi. Kada ka ba makaranta ta asali, za ka neme ta ranar da tabarau ya karye.

Shin lallai sai gaba?

Gaskiyar da ya kamata uba ya sani ita ce, yaron da tabarau ya gyara masa gani zuwa 6/6 yana iya ganin allo daga tsakiyar aji kamar kowa. Malami mai lura zai iya tambayarka, to in an ba shi tabarau me kuma ya kawo zaman gaba? Ka shirya amsarka, kuma amsar tana da ƙarfi. Ido da ƙwaƙwalwa suna ɗaukar kwanaki kaɗan zuwa mako 2 kafin su saba da sabon gilashi. Allunan azuzuwanmu da yawa sun koɗe, an daɗe ba a shafa musu baƙi ba, alli fari a kan allo mai ruwan toka ko mai lafiyayyen ido sai ya ƙura. Idan an rufe tagogi saboda ƙurar hunturu ajin ya yi duhu. Ga kuma ranar da tabarau zai karye ko a manta shi a gida, wadda ba makawa sai ta zo. Saboda haka, in ganinsa ya cika da gilashi, ka nemi zaman gaba na zango ɗaya, a sake dubawa bayan haka. Roƙon da ke da wa'adi ya fi sauƙin karɓa ga malamin da ke da wasu iyayen da zai amsa wa. In kuwa ko da gilashin bai wuce 6/18 ba, ko ido ɗaya ne ke aiki sosai, ka faɗa a fili cewa bukatar ta dindindin ce.

Gaba ma iri-iri ce, kuma a nan ne wasiƙu da yawa ke yin kuskure. Ka rubuta "a sa shi a gaba" kawai, sai a ajiye shi a kan bencin farko na ƙurya, jikin bango. Daga can allo a karkace yake ganinsa, rubutun da ke ɗaya gefen ya matse, idan kuma akwai taga ko ƙofa kusa da allon sai haske ya riƙa ƙyalli a kansa, musamman farin allon nan da ake rubutu a kai da alƙalamin maka. Yana iya gwammace tsohon wurinsa. Inda ya fi shi ne layin tsakiya, benci na farko ko na biyu, kamar mita 2 zuwa 3 daga allo. Idan bencin farko ya manne da allo har yaro sai ya ɗaga wuya, ga ƙurar alli na zubo masa a gilashi, na biyu ya fi, muddin wanda ke gabansa bai fi shi tsawo ba. Idan ido ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi sosai, a zaunar da shi ta yadda allo zai kasance ta wajen ido mai ƙarfin: mai ƙarfin idon hagu ya ɗan zauna dama da tsakiya, mai ƙarfin idon dama ya ɗan zauna hagu. In da hali, ka shiga ajin da kanka bayan an tashi, ka zauna a kan bencin, ka runtse ido ɗaya ka kalli allo. Minti 2 sun isa ka san wurin da za ka ambata a takarda.

Wa za a rubuta wa, da wane harshe

A firamare malamin aji ne ke da ikon wurin zama, shi za ka rubuta wa da sunansa. Amma ka bi ta hannun hedimasta, ko ka yi kwafi 2 ka ba shi ɗaya, domin malamai na sauyawa a tsakiyar zango, kuma wasu ba sa son a ce sun karɓi takarda daga waje shugabansu bai sani ba. A ƙaramar sakandare, inda kowane darasi da malaminsa, fom masta za ka rubuta wa, ka roƙe shi ya sanar da sauran. Kada ka manta da Islamiyya. Yaron da ke zuwa ta yamma ko ta dare yana karanta rubutun Larabci mai wasali ƙanana, sau da yawa a zaune a tabarma cikin haske kaɗan, malaminta ma yana bukatar tasa takardar ko aƙalla ka je ka same shi.

Ka rubuta da harshen da ka fi iyawa. Hausa mai kyau ta fi Turancin da aka ba wani ya rubuta maka wanda kai kanka ba za ka iya bayaninsa ba in an tambaye ka. Idan makarantar kuɗi ce da ta saba ajiye takardu da Turanci a fayil, sai a yi mata fassara a haɗa. Rubutun hannu ya wadatar in yana karantuwa.

Misali daga farko har ƙarshe

A ce yarinya ce 'yar shekara 9, tana aji 4 a wata firamare a Tudun Wada. Mahaifiyarta ta lura tana manna fuska a littafi, kuma abin da take kwafowa daga allo cike yake da kurakurai, ta rubuta 8 a madadin 3, ta tsallake layi. A asibiti aka rubuta mata -2.50 a idon dama, -1.50 a idon hagu. Alamar ragewa da ke gaban lambar tana nufin abin nesa ne ba ta gani. Akwai lissafi mai sauƙi da ke fassara lambar zuwa abin da malami zai gane: ka raba 100 da lambar, abin da ya fito shi ne nisan santimitar da idon ke gani tas ba tare da gilashi ba. Idonta na dama ke nan santimita 40, kamar kamu ɗaya, na hagu kuma wajen 67. Duk abin da ya wuce haka ya fara dushewa. Wannan shi za a rubuta, ba lambar ba. Malam ba ya bukatar sanin -2.50, amma in ya ji cewa ba tabarau ko fuskar mai zama a benci na gaba ba ta gani sosai, ya gane. Da tabarau kuwa ganinta ya kai 6/9 a dama, 6/6 a hagu, kuma likita ya ce ta sa kullum, ta dawo bayan wata 6.

Ga wasiƙar da mahaifinta zai iya rubutawa:

Zuwa ga Malama Wance,
Malamar Aji 4,
Ta hannun Shugaban Makaranta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Malama tana lafiya, ya aiki, ya haƙuri da yara. Allah ya saka da alheri.

Ni ne mahaifin Wance da ke ajinki. Na rubuto ne in sanar da ke cewa ranar Talata da ta wuce mun kai ta asibiti an duba idonta, aka samu ba ta ganin abin da ke nesa. Idan babu tabarau, abin da ya wuce kamu ɗaya ko biyu daga fuskarta dishi-dishi take ganinsa. Wannan ne ya sa take kuskure wajen kwafo aiki daga allo, mu ma ba mu gane ba sai yanzu. An ba ta tabarau na magani, likita ya ce ta riƙa sa shi kullum, a aji da wajen aji. Na haɗo kwafin takardar asibiti.

Ina roƙon alfarma guda uku. Na farko, a taimaka a dawo da ita benci na farko ko na biyu a layin tsakiya, ba ta jikin taga ba, zuwa ƙarshen wannan zango. Na biyu, an ce mana a mako biyun farko za ta iya jin ciwon kai ko jiri, kuma za ta yi jinkiri wajen rubutu. Idan ba ta gama kwafa ba, a bar ta ta ari littafin abokiyar zamanta, za mu zauna da ita ta cike a gida. Na uku, tana jin kunyar sa shi. Idan Malama ta ga ta cire ta ɓoye, a tuna mata a hankali, kuma a tsawata wa masu tsokanarta.

Idan ta yi laifi a hukunta ta kamar kowa, sai dai muna roƙo a kiyaye fuska da kai saboda gilashin. Idan kuma Malama ta lura har yanzu tana ƙanƙance ido ko tana leƙen allo ta saman tabarau bayan mako 2, a sanar da mu mu mayar da ita asibiti. Ga lambar wayata a ƙasa.

Na gode ƙwarai. Allah ya ƙara girma, ya raya mana zuri'a baki ɗaya.

Wassalam.
Sa hannu, kwanan wata, lambar waya.

A lura da jimlar nan, "mu ma ba mu gane ba sai yanzu." Ba don ado aka sa ta ba. Mai yiwuwa Malamar ta sha yi wa yarinyar faɗa a kan kurakuran kwafa, wataƙila har da bulala, kuma tana karanta wasiƙar za ta tuna. Idan takardar ta zo da ƙamshin zargi, irin su "mun yi mamakin yadda ba a lura ba," ka riga ka rasa ta, za ta fara kare kanta ne maimakon ta duba bencin da za ta sauya. Idan ka sa kanka cikin waɗanda ba su gane ba, ka ba ta hanyar gyarawa ba tare da jin kunya ba. Ko da kana da ƙorafi na gaske, wannan takardar ba wurinsa ba ce.

Roƙo uku sun isa. Na ga iyaye masu ilimi da ke jero sharuɗɗa 10, a ba shi ƙarin lokaci, a ƙara girman rubutu, a hana shi shara, a hana shi wasa, kamar takardar umarni daga ofishin ilimi. Malamin da ke fama da aji cike ba zai riƙe su ba, kuma wasunsu ma cutar da yaron suke. Mai tabarau ba majinyaci ba ne, zai yi shara, zai yi gudu, zai tsaya a layin asembili. In dai akwai abin da za a ƙara, jarrabawa ce: inda ake rubuta tambayoyi a allo, a bar shi ya taso ya duba idan bai gani ba, kada a ɗauka satar amsa yake nema.

Batun tsokana na bukatar dabara. Da wuya yaro ya sa tabarau a firamare a nan ba a kira shi mai ido huɗu ba, wasu su ce gayu ne ko iyayi, wasu su fizge su gwada. Kada ka nemi malam ya tsayar da yaron a gaban aji ya yi sanarwa, wannan ƙara jawo ido ne. Abin da ke aiki shi ne malam ya faɗi magana ɗaya a taƙaice, cewa na asibiti ne, duk wanda ya taɓa zai gamu da shi, ya ci gaba da darasi. Ka tambayi yaron tukuna ko yana son a faɗa wa aji. Idan kuma gilashin irin mai yin duhu a rana ne, ka ambata a wasiƙa, domin yaro zai shigo daga tara da baƙin gilashi, sai ya yi 'yan mintuna kafin ya washe, malamin da bai sani ba zai ce a cire masa wannan na 'yan gayu.

Wani lokaci malamin da kansa ne zai ce maka, cikin kyakkyawar niyya, tabarau na ƙara kashe ido, a bar yaro ya riƙa hutawa. Maganar ta yaɗu amma ba haka take ba. Lambar yaro mai matsalar hangen nesa takan ƙaru yayin da yake girma domin idon kansa na ƙara tsawo, ko ya sa gilashi ko bai sa ba. Ba sai ka yi gardama ba, ka ce umarnin likita ne, ka nuna takarda.

Kai takardar da bin sawunta

Ka kai da kanka, kai ko mahaifiyarsa, a ranar farko da zai shiga da tabarau ko kwana ɗaya kafin nan. Kada ka tare malam yana tsakiyar darasi. Da safe kafin a shiga aji ko lokacin tara ya fi. Ku gaisa, ka miƙa da hannu biyu, ka faɗi abin da ke ciki a jimla biyu. Idan ba za ka samu zuwa ba, ka sa a ambulan ka ba yayansa ko wani babba, sannan ka bi da kiran waya. Idan malam ya ce gaba ta cika, akwai gajeru da wasu masu lalurar, kada ka matsa. Ka ce benci na biyu ko na uku a tsakiya ma ya yi, ko a gwada na mako 2 a gani.

Bayan kwana 3 ka tambayi yaron, amma ba "an mayar da kai gaba?" kawai ba. Ka ce wa ke zaune kusa da kai yanzu, wane layi na allo ne ya fi maka wuya, ina kake ajiye tabarau in za ka yi alwala. Sannan ka buɗe littafinsa ka gwada aikin wannan makon da na watan jiya. Idan tsallake layi da musanya lambobi sun ragu, wurin zama da gilashin suna aiki.

Idan ba su ragu ba, ka fara da abu mai sauƙi kafin ka zargi kowa. Ɗaga gilashin ka duba shi a haske. A lokacin hunturu ƙura na lulluɓe shi cikin sa'o'i kaɗan, yara kuma da bakin riga ko gefen hijabi suke gogewa a bushe, ƙurar ta karce shi har ya yi hazo. A koya masa ya ɗauraye da ruwa, in da maiƙo a sa ɗan sabulu, sannan a goge da ƙyalle mai laushi. Ka duba ko yana zamewa zuwa kan hanci idan ya yi gumi, domin in ya zame ta samansa yake kallon allo, kamar bai sa ba. Ga 'yan mata, hijabi mai matse fuska yana danna hannuwan tabarau a bayan kunne har wurin ya yi ja, yarinya ta cire ba don kunya ba sai don zafi. Inda aka yanka gilashin za su iya lanƙwasa hannuwan ko su ɗaure shi cikin 'yan mintuna.

Idan gilashin tsaf yake, yana zaune daidai, amma an wuce mako 2 yaro na kukan ciwon kai, ko yana ganin abu bibbiyu, ko yana karkata kai ko rufe ido ɗaya don ya karanta, ku koma asibiti da tabarau ɗin da takardarsa. Ana samun kuskure wajen yanka gilashi, har a musanya na dama da na hagu, kuma suna da na'urar da ke auna shi su gwada da abin da aka rubuta. Jan ido, ƙaiƙayi da kwantsa kuwa ba aikin tabarau ba ne, wata lalurar ce dabam da ke son nata maganin.

Ranar da ya karye, ka rubuta layi biyu ka ba malam: ya karye, ana gyara, zai ɗauki kwana kaza, a taimaka a bar shi a bencin farko ya kuma kwafa daga littafin abokinsa. Sannan duk farkon shekarar karatu, idan ya shiga sabon aji a watan Satumba, ka sake rubuta wa sabon malamin, da sakamakon gwaji na baya-bayan nan, domin abin da tsohon malami ya sani ba ya bin yaro zuwa aji na gaba, kuma mai yiwuwa lambar gilashin ta riga ta sauya.